Yadda Ake Rubuta Wasiƙar Ban-Haƙuri ga Aminiyar da Ba Ki Je Bikinta Ba

Tun daga lokacin da na ba da labarin yadda bikin 'yar aminiyata ya wuce ni a Katsina, da yadda takarda guda ta buɗe mana ƙofar shiri, mata ke ta tambayata abu ɗaya: me kika rubuta a ciki? Wata ƙanwar maigidana ta zo har gida da littafi da biro. Wata kuma ta ce wata uku ke nan ba ta iya ɗaga waya ta kira ƙawarta ba, saboda ba ta je sunan jikarta ba, kullum kunya sai ƙara nauyi take yi. Shi ya sa na ga gara in zauna in jera abin daki-daki.

Da mata nake magana, domin su suka fi tambaya, amma namijin da ɗaurin auren ƙanin amininsa ya wuce shi zai iya bin matakan nan, sai dai ya sauya kalmomi.

Ga abin da ya faru da ni a taƙaice, don da shi zan yi ta misali. Ina zaune a Kaduna, ita tana Katsina. Tare muka yi makaranta. 'Yarta ta fari za ta aurar, an sa kamu ranar Alhamis, ɗaurin aure ranar Asabar, kai amarya ranar Lahadi. Ni ya kamata in tafi tun Laraba. Daren Talata surukata ta yanke jiki ta faɗi, muka kwana shida a asibiti. Ban je ba, kuma ban kira ba sai ranar Litinin.

1. Ki fara kira, kada takarda ta riga muryarki

Wasiƙa ba ta zama abu na farko da aminiyarki za ta ji daga gare ki. Idan bikin bai ƙare ba, ki kira yanzu, ki faɗi magana uku: ba zan samu zuwa ba, ga abin da ya tare ni, za mu yi magana in an watse. Kada ki tsare ta da dogon bayani tana tsakiyar baƙi, ana kiranta ta nan ana kiranta ta can. Idan ba ta ɗauka ba, ki bar gajeren saƙon murya, ki kuma kira ƙanwarta ko wata da kika san tana kusa da ita ta isar mata.

Idan an riga an watse, ki kira duk da haka. Ki yi mata Allah Ya sanya alheri, ki ce kin san kin yi laifi, ki tsaya nan. Daga yadda ta amsa za ki gane ko ana buƙatar wasiƙa. Wadda ta hau ki da faɗa, ta ce wallahi ba ki kyauta ba, wannan da sauƙi, don ta fitar da abin da ke ranta. Wadda ake tsoro ita ce mai amsa irin ta aminiyata. Da na kira ranar Litinin, sai ta ce, “Ba komai. Allah Ya ba ta lafiya.” Muryarta a sanyaye, kamar tana magana da wadda suka haɗu a mota. Ba ta tambaye ni wane asibiti ba, ba ta ce mini komai a kan biki ba. Minti ɗaya bai cika ba muka yi sallama. Wannan “ba komai” ɗin shi ya sa na ɗauki biro.

Lokacin rubutu shi ne kwana biyu ko uku bayan watsewar baƙi, sa'ad da ta ɗan huce gajiya. Kada ya wuce mako guda.

Gargaɗi: kada ki ce sai kin haɗa kuɗin gudummawa sannan za ki yi magana. Da yawan zumuncin da na ga ya mutu, a nan ya mutu. Mako ya zama wata, wata ya zama shekara, sannan a haɗu a wani bikin ana kawar da kai.

2. Ki tantance laifin naki kafin ki rubuta ko harafi

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ya fi kowane muhimmanci. Ki zauna ke kaɗai ki tambayi kanki: me ya ɓata mata rai takamaimai? Sau da yawa rashin zuwan ba shi ne babba ba.

Ni da na zauna na lissafa, sai na ga abu uku. Na farko, ban je ba. Wannan ba ni da iko a kansa, kuma duk mai hankali zai yi mini uzuri. Na biyu, ban sanar ba. Kullum ina cewa a raina gobe jikin zai yi sauƙi in kama hanya, ko kai amarya in samu. Da Asabar ta zo sai kunya ta rufe ni, ina ganin kiranta sau biyu ban ɗauka ba. Wannan laifina ne ni kaɗai, asibiti bai hana kowa kiran minti ɗaya ba. Na uku, kuma shi ne mai ciwo, akwai aikin da ta ɗora mini. Kowa ya san alkunyar 'yar fari. Uwa ba ta zaƙewa a bikin 'yarta ta fari, ko sunanta ba ta kira, ƙawayenta da 'yan'uwanta ne ke tsayawa a madadinta. Ni ce zan riƙe littafin rubuta gudummawa, ni ce kuma zan ja ragamar masu zuwa jere. Da ban zo ba, sai aka yi ta neman wadda za ta tsaya, dangin miji na kallo, ana tambayarta ina aminiyar taki da kike ta ba mu labari.

Ki ɗauki wata takarda daban ki rubuta naki jerin haka. Me kika yi alkawari? Ta aiko miki da anko kin karɓa? An ware miki wurin kwana? Ta sa ido a hanya har yaushe? Sai ki raba su gida biyu, abin da ya fi ƙarfinki da abin da ke hannunki kika sake. Wasiƙar za ta tsaya ne a kan kashi na biyu.

Gargaɗi: idan gaskiyar magana mantawa kika yi, ko ba ki da kuɗin mota, ko maigida ne bai ba da izini ba, kada ki ƙirƙiro ciwo ko rasuwa. Garinmu ƙarami ne ko da kuwa birni ne. Wata za ta ce ai ta gan ki a kasuwa ranar, ko a ga hotonki a wani taron. Daga nan kin tashi daga neman gafarar rashin zuwa kin koma neman gafarar ƙarya, wadda ta fi wuyar samu.

3. Kayan aiki da abin da za ki kashe

Farar takarda mai layi guda biyu, ɗaya ta gwaji ɗaya ta gaske, biro shuɗi ko baƙi, da ambulan. Duk za ki same su a shagon unguwa da ɗan canjin da ya rage na cefane. Kada ki yago takarda daga tsakiyar littafin makarantar yaro mai gefe a yayyage, ki nemi mai tsabta.

Ki rubuta da hannunki. Aminiyarki ta san rubutunki, kuma ganin sa kaɗai yana yin rabin aikin. Idan ta fi sakewa da ajami, ki yi da ajami. Idan karatu yana yi mata wuya, kada ki aika takardar da sai an nemo yaro ya karanta mata sirrinku. Ki rubuta don ki tsara maganarki, sannan ki karanta mata a saƙon murya da bai wuce minti biyu ba, a wurin da babu hayaniyar yara.

Tsawon wasiƙar shafi ɗaya ne. In ta haura haka, to kin fara kare kanki.

Kuɗin gaske ba a takarda yake ba. Yana wuri biyu: kuɗin motar zuwa da dawowa, da gudummawar da ba ki kai ba. Ki lissafa su tun yanzu, domin ranar da za ki rubuta a cikin wasiƙar ta dogara ne a kansu.

4. Buɗewa: sunan da kike kiranta da gaisuwa

Ki rubuta garinku da kwanan wata a sama, sannan sallama. Ki kira ta da sunan da kika saba kiranta a tsakaninku. In “Aminiya” kike ce mata, ki rubuta Aminiya. In ta girme ki kina ce mata Yaya, kada ki sauya. Kuskuren da ake yi shi ne a ga takarda sai a koma “Zuwa ga Hajiya Wance” da cikakken suna kamar ana neman aiki. Da ta ga haka za ta ji kin matsa nesa da ita.

Gaisuwa layi biyu ta isa. Ki gaishe ta, ki yi mata ban gajiya, ki gaida maigida. Sai addu'a ga amarya kafin ki taɓo maganar kanki, domin bikin ne babban abin da ya faru a gidanta, rashin zuwanki yana bayansa. Ki lura da yadda za ki ambaci yarinyar. Tunda 'yar fari ce, ni “'yata” na rubuta, don haka nake kiranta tun tana goye, kuma kalmar tana tuna wa uwar matsayina a gidan.

Gargaɗi: ki guji doguwar gaisuwar nan ta haddar makaranta, mai “gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina lafiya kamar yadda nake a nan lafiya, in kuwa haka ne ina farin ciki matuƙa.” Mai jin haushinki ba ta da haƙurin karanta wannan, kuma “nake a nan lafiya” bai dace da bakin wadda ta zo ban-haƙuri ba.

5. Amsa laifi tukuna, dalili daga baya

Nan ne zuciyar wasiƙar, kuma jerin yana da muhimmanci. Laifi a gaba, dalili a baya. Idan kika fara da dalili, duk abin da ya biyo baya zai zama kamar kina cewa ke ma a tausaya miki.

Ga yadda na fara rubutawa a takardar gwaji: “Kin san dai ba don dole ba babu abin da zai hana ni zuwa. Wallahi na sha wahala a makon nan, kwana shida ban runtsa ba. In ranki ya ɓaci ki yi haƙuri.” Na kai wa yayata ta duba. Ta karanta, ta miƙo mini, ta ce, “Wannan ai ke kike jiran ta ba ki haƙuri.” Gaskiyarta. A layi uku na ambaci wahalata sau biyu, ban ambaci tata ko sau ɗaya ba.

Kalmomi uku ne ke ɓata irin wannan wasiƙar. Ta farko “in”, kamar a “in ranki ya ɓaci” ko “in na yi miki laifi.” Kin san ya ɓaci, kin san kin yi, to me ya kawo “in”? Ta biyu “amma”. Duk abin da kika faɗa kafin “amma” ya goge. “Na yi laifi amma ke ma kin san halin da ake ciki” ba ban-haƙuri ba ne. Ta uku “kin san dai”, wadda ke ɗora mata nauyin fahimta tun ba ki ce komai ba. Bayan kin gama gwaji, ki bi layi-layi ki soke su.

Abin da za ki rubuta shi ne laifin da sunansa, kamar yadda kika fitar a mataki na biyu. Ban zo ba. Ban kira na sanar da ke ba. Na ga kiranki ban ɗauka ba. Na bar ki da aikin da na ce zan ɗauke miki. Yana da nauyi a hannu, na sani, sai da na ajiye biro sau biyu kafin na iya rubuta maganar kiran da ban ɗauka ba. Sai dai ita ta riga ta san duk wannan. Abin da take son gani shi ne ko ke ma kin sani.

Sannan ki nuna kin gane abin da ya jawo mata. Ki ambaci abu ɗaya na zahiri: tambayar da mutane suka yi ta yi mata, ko ɗakin da ta gyara miki, ko ankon da ta biya ta aiko. Abu ɗaya ya wadatar.

Sai dalili, guda ɗaya, a jimla biyu ko uku. Ko da dalilanki biyar ne, ki zaɓi na gaskiyar da ya fi ƙarfi ki bar sauran. Dalili biyar a jere ƙarya yake kama, ko da duk gaskiya ne. Idan dalilin sirrin gida ne, kamar saɓani da maigida ko rashin kuɗi, ba dole ki zuba shi a takarda ba, don takarda tana iya faɗawa hannun wani. Ki ce akwai abin da ya tare ki wanda sai kun haɗu za ki faɗa mata baki da baki. Amma fa in kun haɗu ki faɗa.

Gargaɗi: kada ki tono nata. Wataƙila ita ma ba ta zo sunan ɗanki ba shekara huɗu da suka wuce. Laifi tudu ne, kuma ba yau ce ranar hango nata ba. Haka kuma kada ki jawo mata aya ko hadisi a kan falalar yafiya. Mai laifi ba ya yi wa wanda ya ɓata wa wa'azi. Ki roƙe ta don Allah, ki tsaya nan.

6. Ki sa rana, ki shirya gudummawa

Wasiƙar da ta ƙare da “sai na zo” ba ta ce komai ba. Ki faɗi rana: Asabar mai zuwa ta sama, in Allah Ya kai mu. Kafin ki rubuta ranar ki tabbatar kin nemi izinin maigida, kin tanadi kuɗin mota, kin san wanda zai zauna da yara. Saɓa wannan alkawarin ya fi rashin zuwa bikin muni. Ki kuma ba ta dama ta sauya ranar in ba ta yi mata ba.

Game da gudummawa, ki duba littafinki na biki, in kina da shi, ki ga abin da ta kawo miki. Ni a auren ɗana ta zo da turmin atamfa biyu da naira 30,000, ta kuma kwana uku tana aiki. Ƙa'idar da muka tashi da ita ita ce ba a mayar da ƙasa da abin da aka kawo, kuma mai lura takan tuna cewa kuɗin wancan lokacin ba ya sayen abin da yake saya a da. Na ɗora wani abu a kan kuɗin, na kuma saya wa amarya saitin kuloli, don in je gidanta da hannuna ba wayam ba. In ba ki da hali yanzu, ki je da abin da ya sawwaƙa, ki gaya mata sauran na tafe. Aminiya ta gaske ta san aljihunki.

Gargaɗi biyu a nan. Kada ki rubuta adadin kuɗi a wasiƙa, ki ce kawai saƙon 'yarki yana hannunki. Kuma kada ki tura mata kuɗi ta banki babu magana kina ganin kin wanke kanki. Na san wadda aka mayar wa da kuɗinta a ranar, da saƙon “mun gode, an riga an gama biki.”

7. Ga wasiƙar da na aika

*Kaduna, ranar Laraba*

*Assalamu alaikum, Aminiya.*

*Ina gajiyar biki? Ina gajiyar baƙi? A gaida mini Alhaji da yara. Allah Ya sanya alheri a auren 'yata, Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, Ya sa gidan zamanta ne.*

*Aminiya, na yi miki laifi, kuma ba ni da bakin kare kaina. Ban zo ba, ban kuma kira na gaya miki ba. Na ga kiranki sau biyu ranar Asabar, kunya ta hana ni ɗauka. Na ce miki ni zan riƙe littafi, ni zan tsaya a jere, kika saki jiki, sai na bar ki a tsakiyar mutane kina neman wadda za ta tsaya miki. Na san an yi ta tambayarki ina nake, ke kuma ba ki da amsa. Wannan shi ya fi damuna.*

*Daren Talata Hajiyarmu ta faɗi, muka kwana shida a asibiti. Shi ya hana ni hanya. Rashin kiran kuwa ba shi da wani dalili, sakacina ne.*

*Don Allah ki yafe mini. Ba na cewa ki huce yau. Ina nan tafe ranar Asabar ta sama in Allah Ya yarda, in gaishe ki, ki sa a raka ni in ga ɗakin 'yata. Saƙonta yana hannuna. In ranar ba ta yi miki ba, ki faɗa mini wadda ta yi.*

*Ankon da kika aiko na ɗinka, yana nan a ninke. Da shi zan zo.*

*Taki har kullum,*
*Aminiyarki*

Ki lura dalilin jimla biyu ne kawai, kuma na raba shi da laifin. Kada ki kwafe wannan kalma da kalma. Maganar littafi da jere tawa ce, ke ki nemo taki. Bayan kin kwafe a takarda mai kyau, ki karanta da ƙarfi ke kaɗai. Duk jimlar da ba za ki iya faɗa mata ido da ido ba, ki cire ta.

8. Idan suna ne ko rasuwa

Na suna ya fi sauƙi, domin mai jego tana gida tana wanka har arba'in, ƙofa a buɗe take. Ki rubuta gajeruwa, ki yi barka, ki yi wa jariri addu'ar Allah Ya raya, ki je da kayan barka kafin a yi arba'in.

Rasuwa daban ce. A nan ta'aziyya ce ke cin kusan dukan takardar, ban-haƙurin ya koma layi biyu a ƙasa. Ki fara da addu'a ga mamaci, ki ambaci wani alheri nasa da kika gani da idonki, kamar yadda mahaifiyarta ke ajiye miki tuwo in kun dawo makaranta. Kada ki yi dogon bayanin abin da ya hana ki, kada ki roƙi amsa. Mai makoki ba ta da ƙarfin lallashin kowa. Kuma a rasuwa kada ki sa rana mai nisa. In kwana ukun zaman makoki ya wuce ki, ki kama hanya da zarar kin samu sarari, takardar ta riga ki da kwana ɗaya ko biyu kawai.

9. Yadda za ta isa hannunta

Hanya mafi kyau ita ce hannun wanda ku duka kuka amince da shi, wanda ba ya cikin maganar: ƙaninki, ɗanki babba, ko wata 'yar'uwa mai tafiya garin. Ki liƙe ambulan, ki rubuta sunanta a baya, ki ce a ba ta hannu da hannu. Kada ki ba ƙawarku ta uku wadda ta je bikin, musamman in mai son magana ce, don za ta ƙara nata gishirin kafin a buɗe.

In babu mai tafiya, ki kai tasha. Ni tashar Kawo na kai, na ba direban motar Katsina mai bi ta Zariya da Funtuwa, na biya kuɗin saƙo, na karɓi lambar wayarsa da lambar motar, na kira ƙanin aminiyata na ba shi ya je ya karɓa. Da la'asar ta isa. Kada ki sa kuɗi a cikin ambulan ɗin da za ki ba direba.

In tana ƙasar waje ko nesa sosai, ki ɗauki hoton takardar a wuri mai haske ki tura mata ta WhatsApp, ita kaɗai. Kada ki kuskura ki sa ban-haƙurinki a zauren ƙawaye ko na 'yan makaranta. A gaban mutane dole ta ce ta yafe, ko da ba ta yafe ba, kuma za ta ƙara jin haushin kin tilasta mata.

10. Bayan ta karɓa

Ki yi shiru kwana uku. Kada ki bi ta da “kin ga saƙona?” safe da yamma. Aminiyata ba ta ce mini uffan ba har kwana biyar, kuma kwanakin sun yi mini tsawo. Rana ta shida ta turo layi ɗaya: “Allah Ya kawo ki lafiya.” Ko da ba ta turo komai ba, da zan tafi, tunda ba ta ce kada in zo ba. In ta ce ki dakata, sai ki dakata, ki sake kira bayan mako biyu da gaisuwa kawai.

Ranar zuwa ki isa da hantsi ko bayan azahar, lokacin da gida ya lafa. Ki fara gaida manyan gidan in akwai, ki ba su haƙuri su ma, domin sun lura da rashinki. Idan kun keɓe, ki maimaita ban-haƙurin da bakinki a jimla ɗaya, sannan ki rufe baki ki saurara. Wataƙila ta yi faɗa, wataƙila ta yi kuka. Kada ki katse ta da “ai na rubuta miki.” Tawa sai da ta kwashe kusan rabin sa'a tana ba ni labarin ranar jere, yadda aka rasa mukullin ɗakin amarya, yadda wata gwaggon ango ta yi ta sakin magana a kan gado, da yadda ta shiga bayi ta share hawaye don kada a gani. Ban ce komai ba sai “ki yi haƙuri.”

Gudummawa a ƙarshe ake fito da ita, dab da tafiya, a ajiye a gefen gado ba tare da an ƙirga ba. Kayan amarya kuwa ki kai mata gidanta da kanki. Mu da la'asar muka je, ni da ƙanwar aminiyata, don uwa ba ta zuwa gidan 'yar fari da wuri haka. Yarinyar tana ganina cikin ankon bikinta ta rufe fuska da mayafi ta ce, “Mama, sai yau?” Na ce sai yau, na ba ta haƙuri ita ma, sannan ta ja hannuna ta shiga nuna mini ɗakin.